Awon Rubutun Na'ura: Zato Ne, Ba Shaida Ba

Duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari zai tarar da ɗalibai sun kawo kundayensu. Tun da ChatGPT ya fito a 2022, wasu malamai kan sa irin waɗannan rubuce-rubuce cikin manhajar tantancewa, don su gane ko na'ura ce ta yi aikin. To, yaya wannan awo yake?

Abu biyu irin su GPTZero, wadda Edward Tian ya fitar a 2023, suka fara dogara a kai. Na farko shi ne sauƙin cinkar kalma. Alal misali, in aka ce, "Na je kasuwar Sabon Gari in sayo buhun...", kowa zai cinka shinkafa ko sukari. In kuwa marubuci ya ce "alli", ya ba da mamaki. Haka manhajar ke bin rubutu kalma bayan kalma, tana lissafa yawan mamakin. Da yake na'ura takan zaɓi kalmar da aka fi tsammani, ƙarancin mamaki sai ya jawo zargi.

Na biyu shi ne sassaɓawa. Ɗan Adam yakan yi doguwar jimla, ya biyo ta da gajera. Nan ya bi hanyar da aka saba, can ya kauce. Rubutun na'ura kuwa yakan tafi bai ɗaya.

Amma fa a lura, ma'aikacin da ya buɗe wasiƙa da "An umurce ni in sanar da kai" ya bi ƙa'idar ofis ne, alhali kowace kalma tasa ana iya cinkarta. Haka kuma ɗalibin da ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar. Masana a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai a 2023 da rubuce-rubuce 91 na waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sai aka ɗora wa na'ura fiye da rabinsu.

Ita ma manhajar da kamfanin OpenAI ya fitar a Janairun 2023, kashi 26 cikin 100 kaɗai take kamawa na rubutun na'ura, tana kuma yi wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane ƙazafi. Kamfanin ya janye ta a Yulin shekarar.

Mu ƙaddara ɗalibai 200 ne a aji, 20 suka sa na'ura. Da wannan awo za a kama kamar 5 daga cikinsu, a kuma zargi kamar 16 daga sauran 180. Watau cikin mutum 21 da aka tuhuma, 16 ba su ci ba, ba su sha ba.

Saboda haka makin manhaja kamanni kawai yake nunawa, domin ba ta ga wanda ya riƙe alƙalami ba. Malamin da ya yi shakka sai ya nemi zubin farko na aikin, ya kuma sa ɗalibin ya bayyana shafi guda da bakinsa.