Sunan da ke jikin kwali, ba kamannin ƙwaya ba

A kemis za ka ji mutum ya ce, "Malam, ba ni ƙaramin farin nan na hawan jini." Wannan kwatance yana tayar mini da hankali, domin ƙananan fararen ƙwayoyi ba su ƙirguwa. Kowane kamfani shi ke zaɓar launi da siffar ƙwayarsa. Saboda haka magani ɗaya kan zo da kamanni iri-iri, magunguna biyu da ba su haɗa komai ba kuma su yi kama kamar an tsaga kara.

Mu ɗauki gidan da maigida ke shan amlodifin don hawan jini, uwargida kuma tana shan gilibenkilamid don ciwon suga. Duka biyun sukan zo farare ƙanana, kuma kowanne akwai mai miligiram 5. Idan an ɓalle su aka zuba a leda, ido ba zai raba su ba. Maigida ya haɗiyi na matarsa, sugan jininsa na iya faɗuwa: gumi, karkarwa, bugun zuciya, ruɗewa, har suma. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai zaƙi, a garzaya asibiti tare da kwalin.

Abin da za a karanta shi ne sunan sinadari. Babban rubutun da ke jikin kwali yawanci sunan kasuwa ne, kamar Norvasc. A ƙarƙashinsa, da ƙananan haruffa, za ka ga Amlodipine. Wannan na ƙasan ba ya sauyawa ko an sauya kamfani. Wanda bai lura da shi ba yana iya haɗa kwalaye biyu masu suna daban, alhali magani ɗaya yake ninkawa.

Sai ƙarfi, wato lambar da ke tare da haruffan mg. A ce likita ya rubuta miligiram 10 sau ɗaya a rana. Wancan watan an ba ka mai 5, kana shan biyu. Wannan watan an ba ka mai 10, ka ci gaba da biyu bisa sabo. Ka sha 20 ke nan, ninkin iyakar da aka saba bayarwa, sai jiri ya biyo baya, ƙafafu su kumbura.

Shi ya sa ya kamata ƙwaya ta zauna a katinta, katin a kwalinsa. In za a yanka katin, a bar ɓangaren da suna da lamba suka fito a baya. Wanda ba ya karatun boko ya sa mai harhaɗa magani ya karanta masa, ya yi masa alama a kwalin. Duk ranar da ƙwaya ta zo da sabuwar kama, a gwada rubutun da takardar likita kafin a sha.