Lokacin da "ka yi haƙuri" ya koma umarni a imel ɗin ofis

Kuskuren da ya fi yi wa ma'aikaci illa a imel ɗin Turanci shi ne wanda kwamfuta ba ta ja wa jan layi. Nahawu daidai, haruffa daidai, amma tunanin na Hausa ne aka sanya wa rigar Turanci, sai mai karɓa ya fahimci abin da ba a nufa ba.

A ce wani akanta a Kano yana aiki da wata ƙungiya da ke Landan. Rahoton watan Maris ya makara, shugabansa ba ya gari, kuma yana buƙatar rasidai daga wata jami'ar ƙungiyar da ke can. Sai ya rubuta mata:

```
Well done. How was your night?
Please be patient about the report. My boss has travelled.
I want you to help me send the receipts.
```

Bahaushe yana karantawa zai ji Hausar da ke ƙarƙashi: sannu da aiki, ina kwana, ki yi haƙuri, oga ya yi tafiya, ina so ki taimaka ki aiko mini da rasidan. Ladabi ne tsantsa. Abokin aikinsa na Legas ma zai gane, domin yawancin waɗannan sun zauna a Turancin Najeriya, kuma babu abin kunya a ciki. Matsalar tana tasowa ne idan saƙon ya tsallaka teku.

Jami'ar za ta ɗauki "Well done" a matsayin yabon da ake yi wa wanda ya kammala wani aiki da kyau, ta rasa wane aikin ake nufi. Tambayar yadda ta kwana kuwa za ta ji kamar an leƙa rayuwarta ta gida. Waɗannan masu sauƙi ne, "Good morning" ya wadatar.

Inda ɓarnar take shi ne "be patient". A Hausa, idan na ce ki yi haƙuri, na amsa laifina ne, ina neman afuwa. A Turanci kuwa umarni ne ga wanda aka ga yana gaggawa. Wato wanda ya makarar da aiki ya juyo yana gaya wa mai jira cewa ita ce ta ƙosa. Na fi jin takaicin wannan, domin mutumin ya ƙasƙantar da kansa da zuciya ɗaya, amma a can an karanta shi a matsayin mai girman kai, kuma da wuya a taɓa gaya masa. Abin da jimlar ke yi shi ne ba da haƙuri, Turanci kuwa da "I am sorry" yake yin wannan aiki, tare da ambaton abin da ya faru.

Layin ƙarshe yana da aibu biyu. "I want you to" magana ce ta shugaba ga na ƙasa da shi, alhali "ina so ki" ba ta da wannan nauyi a wurinmu. Roƙo a imel ɗin Turanci yawanci da siffar tambaya yake zuwa. Sai kuma "help me send", wanda ya sauya mai aikin gaba ɗaya: ita za ta fahimci cewa shi ne zai aika rasidan, tallafi kawai yake nema. Yana nan yana jiranta, tana can tana jiransa. Ga saƙon bayan gyara:

```
Good morning,
I am sorry the March report is late. My manager is away
until Monday and has to sign it. Could you send me the
receipts by Thursday? You will have the report on Tuesday.
```

An ƙara abin da babu a saƙon farko, wato ranaku. "Ya yi tafiya" uzuri ne cikakke a tsakaninmu, amma mai karatu a Landan yana son sanin yaushe zai dawo da kuma abin da ya haɗa tafiyar da rahoton.

Mutane da yawa suna duba saƙonsu ta hanyar mayar da shi Hausa a zuci. Wannan ba ya kama komai, tunda daga Hausar ya fito, dole ya koma cikinta lafiya lau. Abin da ke aiki shi ne a tsaya a kan kowace jimla kafin a rubuta ta, a tambayi me take yi: gaisuwa ce, ban haƙuri, roƙo ko alkawari? Sannan a nemi yadda masu harshen ke yin wannan aikin, kuma amsoshin da su da kansu suke aiko maka suna cike da misalai. Bayan an gama, a karanta Turancin shi kaɗai a ga ko ya fito fili wa zai yi me, kuma yaushe. A fi sa ido kan kalmomin da muka saba da su har ba ma ganinsu: zuwa, ji, taimaka, ara. Wanda ya rubuta "I am coming" yana nufin "ina zuwa" ya sanar da mutanen Landan cewa yana kan hanyar zuwa wurinsu, alhali ɗan jinkiri kawai ya nema.