Kundin hotuna na wayar da kai kan gudawar yara: yadda ake tsara shi shafi bayan shafi

Kundin hotuna na wayar da kai jerin manyan shafuka ne da ma'aikaciyar lafiya ko 'yar sa-kai ke ɗagawa a gaban jama'a, kowane shafi da hoto guda da kalmomin da ba su wuce uku ko huɗu ba. Ana buga shi a takarda mai kauri a ɗinke ta sama yadda za a riƙa juya shafi baya, ko kuma a haska shi a bango da majigi. Wanda aka buga a takarda ya fi dacewa da ƙauye, domin ba ya jiran wuta, kuma hasken rana a tsakar gida ba ya disashe shi. An yi shi ne don taron da yawancin mahalartansa ba sa karanta boko, saboda haka hoton ne ke ɗauke da saƙon, bakin mai bayani kuma ya cike sauran.

Tsarin ba ya farawa da zane. Yana farawa da tambayar abin da ake son uwa ta aikata idan ta koma ɗakinta. A kan gudawar yara amsar ba ta da yawa: ta haɗa ruwan ORS daidai, ta ba da ƙwayar zinki har kwanakinta su cika, ta ci gaba da shayarwa da ciyarwa, ta kuma gane lokacin da jinyar gida ta ƙare sai asibiti. Wannan shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a kai tun 2004. Duk hoton da bai taimaka wa ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka huɗu ba, ba shi da gurbi a kundin, komai kyansa. Zanen hanji da na ƙwayoyin cuta, waɗanda masu tsarawa ke sha'awar sakawa don su nuna ilimi, su ne na farko da ya kamata a cire. Shafi goma sun isa, kuma ana iya gama su cikin minti ashirin da mata goma zuwa goma sha biyar, adadin da kowacce za ta iya ganin hoton daga inda take zaune a kan tabarma.

Shafin farko na buɗe baki ne. Uwa ce zaune a tsakar gida, yaro kwance a cinyarta ya yi laushi, fo na gefe. Mai bayani ba ta fara da wa'azi, tambaya take yi: me ke damun yaron nan, kuma me akan yi masa a garin nan? A nan ne matan ke faɗin abin da ke ransu, kuma abin da aka fi ji shi ne cewa haƙori ne, zai wuce da kansa. Wasu za su ce sukan rage wa yaro ruwa don zawon ya tsaya. Sai an ji waɗannan kafin a san inda za a fi tsayawa a shafukan gaba.

Shafi na biyu shi ne ginshiƙin kundin, domin shi ke nuna cewa abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ce. Ana zana yaro ɗaya sau biyu, gefe da gefe, da riga iri ɗaya da aski iri ɗaya. A zanen farko jikinsa a cike yake, a na biyu idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, leɓe ya bushe. Rigar iri ɗaya tana da dalili: idan aka canza ta, masu kallo za su ɗauka yara biyu ne, ɗan mai hali da ɗan talaka, sai darasin ya koma na arziki da rashi.

Daga shafi na uku zuwa na biyar ake haɗa ruwan, kuma a nan ne kuskuren zane ke iya cutar da yaro. Na uku wanke hannu ne da sabulu, da buta irin wadda ke kowane gida. Na huɗu shi ne awo. Ƙunshin ORS da aka fi samu na lita ɗaya ne, amma lita ba ma'aunin da ake amfani da shi a madafa ba ne, don haka rubuta "lita 1" a ƙarƙashin hoto bai faɗa wa uwa komai ba. Abin da ake yi shi ne a nemo mazubin da kowa a yankin ya sani. A garuruwan Najeriya da yawa ruwan leda na rabin lita ya warware matsalar: a zana leda biyu, ƙunshi ɗaya, da kwano mai murfi. Inda ba a sayar da ruwan leda, sai a auna kwalba ko kofin da aka saba da shi da ma'aunin asibiti tukuna, sannan a zana shi yadda yake, da tafasasshen ruwan da ya huce. Kafin a buga, dole a duba abin da ke rubuce a jikin ƙunshin da ake rabawa a asibitin yankin, domin akwai ƙunshin da aka yi don ruwan da bai kai lita ba. Dole hoton ya nuna an juye garin duka, ƙunshin ya zama fanko. Idan ruwa ya yi kaɗan gishiri ya yi yawa, yaron zai ƙara galabaita. Idan ruwan ya yi yawa, maganin ya rasa ƙarfinsa.

Shafi na biyar na bayarwa ne. Uwa na riƙe da yaro a zaune, tana ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Yaron da bai kai shekara 2 ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya haura haka zuwa shekara 10 kuma 100 zuwa 200. Waɗannan alƙaluma ba sa hawa kan hoton. Abin da ke hawa shi ne kofi da aka zana ruwansa ya tsaya a inda ya dace, kusa da ƙaramin yaro, da wani kofin kusa da babba. Sauran bayanin, wato idan yaro ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali, da cewa ruwan da ya kwana ya wuni, awa 24 ke nan, zubar da shi ake yi a haɗa sabo, yana cikin rubutun mai bayani.

Wannan rubutu na mai bayani yana da wurin zamansa, kuma masu buga kundi sukan yi kuskure a kai. Idan an ɗinke kundin ta sama, shafin da aka juya baya shi ne ke fuskantar mai riƙe da shi. Saboda haka bayanin hoto na biyar a bayan shafi na huɗu ake buga shi, ba a bayan na biyar ba. Idan aka kuskure, mai bayani za ta riƙa leƙo gaba tana juya kundin, ta ba jama'a baya. Rubutun kansa gajere ne: tambaya ɗaya ta buɗewa, jimla biyu ko uku na abin da ba za a bari a manta ba, da Hausar da ake yi a garin.

Shafi na shida na zinki ne, kuma matsalarsa ita ce zana lokaci. Bisa shawarar 2004, yaro ɗan wata 6 zuwa sama yana shan miligiram 20 kullum, wanda bai kai ba rabin haka, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Gudawar kan tsaya kafin nan, uwa kuma ta ajiye sauran ƙwayoyin don wani karo. Hanyar da ta fi aiki ita ce a zana rana goma a jere, ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin kowace, yaron a farkon layi yana kwance, a tsakiya ya tashi yana wasa, amma ƙwayoyin ba su yanke ba sai ƙarshe. Sai dai jeri yana da tarkonsa. Wanda ya yi makarantar allo daga dama yake fara karatu, don haka zai iya ganin lafiyayyen yaro da ya sha magani ya kwanta. Jera ranakun daga sama zuwa ƙasa yana rage wannan ruɗu, mai bayani kuma ta bi su da yatsa tana ƙirgawa da ƙarfi.

Na bakwai mai sauƙi ne: uwa na shayar da jariri, babban yaro na shan kunu. Na takwas da na tara su ne na haɗari. A na takwas ana nuna alamun da ke cewa a tashi yanzu: jini a bayan gida, yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi lis ba ya farkawa sosai, ko fatar cikinsa da aka tsunkula ta ƙi komawa da wuri. A nan kaɗai ya kamata jan launi ya bayyana, don idan an barbaɗa shi ko'ina a kundin ba zai ja ido ba a inda ake bukata. A na tara uwa da maigida suna kan babur da yaron, ginin asibitin da suka sani na gabansu, kwalbar ORS na hannunta don a ci gaba da ba shi a hanya. Saka maigida a hoton da gangan ne, domin a gidaje da yawa izini da kuɗin tafiya daga gare shi suke fitowa.

Alamomin da mai ilimin boko ke ɗauka kowa ya sani ba haka suke ba. Binciken da Diana Fussell da Ane Haaland suka yi a ƙauyukan Nepal, wanda aka wallafa a 1976, ya nuna cewa mutanen da ba su saba da takarda ba suna gane zanen mutum da kayan da suka sani, amma kibiya da alamar gicciye da alamar "daidai" ba sa faɗa musu abin da mai zane ya nufa. Hoton kuskure da aka ja wa jan gicciye yana iya zama koyarwar yin kuskuren. Hannu shi kaɗai ba jiki, ko ƙuda da aka zana ya cika shafi, su ma suna ɓatar da mai kallo. Ya fi aminci a nuna aikin da ake so, da mutum cikakke, da kaya a girmansu na gaskiya, ba tare da tarkacen bango ba.

Hanyar gane ko shafi ya yi ita ce gwaji kafin bugawa. Ana nuna zanen ga mata kamar goma daga cikin waɗanda aka yi kundin dominsu, ɗaya bayan ɗaya don kada su kwaikwayi juna, ba tare da an yi bayani ba. Tambayar ita ce "me kika gani?", sannan "me matar nan ke yi?" Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, domin kunya da ladabi za su sa kowa ta ce eh. Idan uku daga cikin goma suka ce matar shafi na huɗu koko take damawa, laifin na zane ne, sai a gyara ƙunshin ya yi kama da na asibiti a sake gwadawa da wasu matan daban.

Shafi na goma ba ya kawo sabon abu. Yana ɗauke da ƙananan hotuna huɗu da aka riga aka gani: haɗa ruwan, ƙwayar zinki, shayarwa, da babur. Mai bayani na ajiye kundin a jingine, ta fito da ƙunshi na gaske da ruwa da kwano, ta miƙa wa ɗaya daga cikin matan ta haɗa a gaban kowa, sauran na gyara mata. Idan matar ta juye rabin ƙunshi ta naɗe sauran, ko ta zuba leda ɗaya maimakon biyu, ana komawa shafi na huɗu a sake bi kafin taron ya watse.