Ɗalibin da bai taɓa ganin 3 ba

A shekarar 2015 masana uku da ke aiki a Google, Geoffrey Hinton da Oriol Vinyals da Jeff Dean, suka fitar da wata maƙala kan yadda za a tace ilimin babban samfurin kwamfuta a zuba shi cikin ƙarami. A cikinta akwai wani gwaji da in an ba mutum labarinsa zai fara zargin an yi kuskuren lissafi. An horar da ƙaramin samfuri ya gane lambobin da aka rubuta da hannu, daga 0 zuwa 9, amma aka tsame duk hoton lamba 3 daga abin da aka nuna masa. Da aka zo jarrabawa aka ajiye masa hotunan 3 guda 1,010, sai ya gane 877 daga ciki. A ina ya san ta?

Bari mu fara da kayan aikin. Hotunan daga tarin MNIST suke, 60,000 na horo, 10,000 na jarrabawa. Babban samfurin, wanda ake kira malami, yana da hawa biyu na ciki, kowanne da ƙwayoyin lissafi 1,200, kuma ya yi kuskure 67 kacal a jarrabawar. Ƙarami mai ƙwayoyi 800 a kowane hawa, da aka horar da shi kai tsaye ba tare da wata dabara ba, ya yi kuskure 146. Da aka sa shi ya koya daga bakin malamin, kuskurensa ya sauko zuwa 74. Girmansa bai canja ba, hotunan ma su ne dai. Ke nan sirrin yana cikin abin da malamin yake faɗa masa.

Zargi na farko da zai zo wa mutum shi ne ko wasu hotunan 3 sun sulale cikin darasin. Ba su sulale ba. Malamin dai ya ga 3 sosai a nasa horon, ɗalibin ne aka hana. Don haka duk abin da ɗalibin ya sani game da 3, ta hannun malamin ya zo, kuma ya zo ne a lokacin da suke duban wasu lambobin.

A horo na yau da kullum, amsar da ake ba samfuri busasshiya ce. Hoton nan 2 ne, shi ke nan, sauran tara duk sifiri. Malami kuwa ba ya amsa haka. Yana ba kowace lamba maki, sannan a mayar da makin nan kason yiwuwa da lissafin da ake kira `softmax`. Zai ce hoton nan 2 ne kusan tabbas, amma ya bar ɗan ɓurɓushi ga 3, da wani ƙarami ga 7. Marubutan sun ba da misali: wata 2 ana iya ba ta yiwuwar zama 3 ɗaya cikin miliyan, ta zama 7 ɗaya cikin biliyan, wata 2 ɗin kuma akasin haka. Ta farkon mai lanƙwasa ce, ta biyun mai miƙaƙƙen wuya. Busasshiyar amsa ba ta san wannan bambanci ba, duk 2 ce a wurinta.

To amma ɗaya cikin miliyan ai daidai yake da babu. Ɗalibi yana gyara kansa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin amsarsa da ta malami, kuma tazara irin wannan ba za ta motsa shi ba. A nan ne suka kawo dabarar da suka kira zafi, ana rubuta shi da T. Kafin a yi lissafin yiwuwa, sai a raba kowane maki da T:

```
q_i = exp(z_i / T) / sum_j exp(z_j / T)
```

Mu gwada da makin da muka ƙirƙira don misali, mu taƙaita ga lambobi uku. A ce malami ya dubi hoto ya ba 2 maki 10, ya ba 3 maki 5, ya ba 7 maki 1. Idan T ɗaya ne, 2 za ta kwashe sama da kashi 99 cikin ɗari, 3 ba za ta kai kashi ɗaya ba, 7 kuwa ta ɓace. Idan aka ɗaga T zuwa 5, makin ya koma 2 da 1 da 0.2, rabon kuma ya zama kusan kashi 65 da 24 da 11. Jerin bai sauya ba, 2 ce dai a gaba, amma yanzu ana jin muryar na baya. A gwajin da ya ba da kuskure 74 ɗin nan, T har 20 suka kai shi. Da zafi ɗaya ake auna malami da ɗalibi lokacin horo, in an gama a mayar da T zuwa 1.

Yanzu hanya ta fara fitowa. Duk lokacin da aka nuna wa ɗalibin wata 2 ko 5 ko 8, malami yana gaya masa gwargwadon yadda ta yi kama da 3. Wannan 8 ɗin da gefenta na hagu bai rufe sosai ba ta sami kaso mai kauri, waccan 1 ba ta sami komai ba. Dubban hotuna suna wucewa, kowanne da nasa awon. Kamar mutumin da bai taɓa haɗuwa da kawunsa ba, amma kullum ana ce masa wannan ya ɗauko hancinsa, wancan tafiyarsa, ranar da kawun ya shigo gida ba sai an gabatar da shi ba.

Saura tambaya ɗaya. Ɗalibin ya yi kuskure 206 gaba ɗaya, 133 daga ciki a kan 3 ne. Shin siffarta ce bai kama da kyau ba? Kowace lamba tana da wani adadi tsayayye da ake ƙara wa makinta, wanda a lissafin ake kira `bias`, kuma shi ke ɗauke da yawan yadda lambar take fitowa. Tunda a darasin ɗalibin 3 ba ta taɓa zama ta ɗaya ba, ya koyi cewa abu ne da ba ya faruwa, sai ya danne wannan adadin ƙasa. Masanan suka ƙara masa 3.5, ba su taɓa komai ba bayan wannan. Kuskure ya sauko zuwa 109, na 3 ya koma 14, wato ya gane kashi 98.6 cikin ɗari. Gyaran adadi ɗaya tak ba zai koya wa samfuri siffa ba, don haka siffar tana nan tun farko.

A nan ina da ɗan ƙorafi, domin masu ba da labarin nan sukan tsallake shi. Wannan 3.5 an zaɓe ta ne da duban sakamakon jarrabawar kanta, kuma marubutan ba su ɓoye hakan ba. Wanda ba shi da hotunan 3 a hannu ba zai san nawa zai ƙara ba. Don haka 98.6 hujja ce cewa ilimin ya ratsa, amma 877 cikin 1,010 shi ne abin da ɗalibin ya yi da ƙarfin kansa.

Sun ma matsa gwajin gaba, suka bar wa ɗalibi 7 da 8 kaɗai. Ya faɗi kashi 47.3 cikin ɗari na jarrabawar, da aka rage `bias` na waɗannan biyun da 7.6 kuskuren ya koma kashi 13.2. Ilimin yana ratsawa har a nan, sai dai ya ragu ƙwarai, domin lambobi biyu ba za su iya ɗaukar kamannin sauran takwas duka ba.

Mai son gwada wannan da kansa ya kula da abu guda. Yawanci akan haɗa darasi biyu, amsar malami mai laushi da busasshiyar amsa ta gaskiya. Ɗaga T yana rage ƙarfin gyaran da ke zuwa daga ɓangaren malami da kusan `1/T^2`, don haka sai an ninka wannan ɓangaren da `T^2`. A T na 20 bambancin ninki 400 ne. Wanda ya manta, busasshiyar amsa za ta rinjaye, kuma alamar ita ce ɗalibinsa ya fito da sakamako kusan iri ɗaya da na wanda ba a haɗa shi da malami ba.