Matakin Fermi a Cikin Silikon

Kamar ruwa a randa, matakin Fermi ma'auni ne na inda cikar elektron ta kai. A tsantsar silikon, yana zaune kusan tsakiyar giɓin makamashi mai faɗin 1.12 eV. In an barbaɗa fosfaros, elektron sun yawaita, sai matakin ya hau kusa da rufin giɓin. Wannan shi ne nau'in n. In kuwa boron aka sa, gurabe ke yawaita, matakin ya sauka ƙasa, nau'in p ke nan.

Zafi na janyo su duka zuwa tsakiya, domin silikon da kansa yana sakin elektron har su rinjayi na barbaɗen. Daga nan na'ura ta fara yoyon lantarki.