Iyakar Raha a Majalisar Samari: Misali daga Jega, Aliero da Maiyama

Bayan sallar isha'i, samari a Jega da Aliero da Maiyama kan hallara a majalisa, a ƙofar gida ko teburin mai shayi. Nan ake zolayar juna: a tsokani wanda albasarsa ta ruɓe kafin ta kai kasuwar Aliero, ko wanda budurwa ta juya wa baya. Da dattijo ya doso sai murya ta sauka, a bar kiran laƙabi, a yanke zancen 'yan mata, a rusuna a gaishe shi.

Sai dai ba furfura kaɗai ke haddasa wannan kamun baki ba. Matsayin dangantaka ya fi ta nauyi. A ɗauki tsoho guda ya wuce majalisar da jikansa da ɗan ƙanensa da surukinsa ke zaune. Jikan na iya cewa, "Tsoho, yaushe za ka bar mini matata?" yana nufin kakarsa, tsohon ya rama, a yi dariya, domin wasan jika da kaka halattacce ne. Ɗan ƙanen kuwa matsayin ɗa yake, gaisuwa ce iyakarsa. Suruki ya fi kowa takura, sau da yawa kan sulale.

Inda ake tuntuɓe shi ne abokin jikan ya ɗauka izinin ya shafe shi, ya tsoma baki. Tsohon ba ya tanka masa, sai dai ya tambaya, "Ɗan wane ne wannan?" Jin haka majalisa kan yi tsit, domin an san ƙarar za ta isa gidan mahaifinsa.