Jawabin Maraba a Daren Bege

Shirin namu na yau zai leƙa unguwannin cikin birnin Kano a watan Rabi'ul Awwal, inda ƙungiyoyin matasa ke shimfiɗa tabarmi bayan sallar Isha'i domin majalisin yabon Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam. Kafin sha'iri ya buɗe baki, shugaban matasa ne ke fara riƙe makirufo, kuma jawabinsa shi ke tsara daren.

Da Bisimilla da salati yake buɗewa, sannan gaisuwa bisa matsayi: liman da malamai, mai unguwa da dattawa, iyaye mata, sha'iran da suka zo daga nesa, sai 'yan'uwansa matasa. Jawabin kan zo kamar haka: "Allah ya gafarta Malam, ranka ya daɗe Mai Unguwa, iyayenmu maza da mata, mu 'ya'yanku muna muku barka da zuwa. Zaman nan albarkacinku ne." Nan ne aka fi yin tuntuɓe. In ya tsallake dattijo guda, ko ya ambaci attajiri kafin malami, za ka ji ƙus-ƙus ya tashi a sahun gaba. Shi ya sa mai lura yake rubuta sunaye a takarda, ya nuna wa liman tun da la'asar.

Daga nan sai ya faɗi abin da za a karanta. Mu ɗauki Ishiriniya ta Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a shekarar 1230, wadda a ƙasar Hausa ake rera ta tare da tahamisin Ibnu Mahibu. Kowane harafi na Larabci yana da baiti ashirin, tahamisi kuma ya mayar da kowane baiti ɗango biyar. Ga fassara da amshi a kai. Don haka shugaba yana bayyana wa jama'a haruffan da za a ɗauka a daren, da malamin da zai ja baki, da wanda zai fassara, sannan lokacin da za a bai wa masu begen Hausa. In bai yanke wannan ba, sha'irai za su yi ta jan makirufo, ƙananan ɗalibai kuma barci ya kwashe su ba su samu fili ba.

Sai ladubban zama: mata da wurinsu, a bar hanya ga masu wucewa, masu liƙi kada su tare gaban mai karatu, a rage lasifika saboda marasa lafiya a maƙwabta. Habaici ga masu wata fahimta ba shi da gurbi a bakin mai masaukin baƙi, wa'azi kuma aikin malamai ne. Minti biyar sun wadatar. Da ya ga yara sun fara zirga-zirga, to ya wuce gona da iri. Sai ya roƙi liman ya buɗe da addu'a, ya koma ya zauna.

Nan za mu dasa aya. Allah ya ƙara mana son Manzonsa. Mu kwana lafiya.